An Hana Biza, Ejan Ya Riƙe Kuɗi: Ta Ina Za a Fara?

Daga Kankiya ko Kusada, mai neman karatu a waje yakan ratsa ta hannun ejan da ke Katsina, Kano ko Abuja. A sayar da shanu ko a jinginar da gona, a tura kuɗi dunƙule guda. Ranar da aka hana biza, amsar ejan ɗaya ce: "Alhaji, ai ka san kuɗin biza ba ya dawowa." Gaskiya ya faɗa, amma gutsure ya yi, domin abin da aka tura masa kashi huɗu ne, kowanne da hukuncinsa.

Mu ɗauki misalin ɗalibi daga Kusada da zai je Birtaniya digiri na biyu na shekara ɗaya. Kashi na farko kuɗin neman bizar ne, wanda ya haura fam 500. Wannan ya tafi, an bayar ko an hana. Na biyu kuɗin kiwon lafiya ne da ake kira IHS, fam 776 a shekara ga ɗalibi. Da yake bizar takan kai kusan wata goma sha bakwai, lissafin shekara ɗaya da rabi ake yi, fam 1,164 ke nan. Idan an hana biza, hukumar Birtaniya kan mayar da shi da kanta, yawanci cikin mako shida. Sai dai asusun da aka biya da shi take mayarwa. Idan da katin ejan aka biya, to kuɗin sun faɗa aljihunsa, kuma a nan yawancin iyaye ke yin asara ba su sani ba.

Na uku shi ne kafin alƙalamin da jami'a ke karɓa kafin ta ba da lambar CAS, a ce fam 3,000. Jami'o'i da yawa kan mayar da shi in an aika musu takardar hana bizar cikin wa'adin da suka sa, wasu su ɗan cire na ɗawainiya. Ɗalibi na iya rubuta wa jami'ar da kansa, da lambarsa ta ɗalibta, ya tambaya: an biya? An mayar? Wa aka mayar wa? Na huɗu la'adar ejan ce, kuma ita kaɗai ce abin ja, don yana iya cewa ya yi aikinsa.

Abin da ke raba gardamar la'ada shi ne takardar hana bizar, wadda ke faɗin dalili. Shi ya sa wasu ejan ke ɓoye ta, musamman waɗanda suka buɗe imel da sunan ɗalibi suka riƙe lambar sirri. Idan dalilin shi ne kuɗin asusu ba su yi kwana 28 a jere ba, a duba wa ya zaɓi ranar miƙa takardu. In ejan ne, sakacinsa ne. Idan kuwa an rubuta cewa takardar banki ta jabu ce, lamarin ya yi muni: jami'a na iya riƙe kuɗinta, ɗalibi kuma a hana shi shiga ƙasar har shekara goma. Wanda ya san an "gyara" masa asusu ya yi shiru, ya raunana ƙorafinsa tun kafin ya buɗe baki.

Takardar ƙorafi ba wurin Allah ya isa ba ce. A rubuta sunan kamfanin ejan yadda yake a rajistar CAC, ranar kowane biya da adadinsa, kashi-kashi, sai abin da ake nema da wa'adi, a ce kwana goma sha huɗu. A haɗa da rasit, shaidar tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp, har na murya. Wanda ya tura ta hannun mai POS a kasuwar Kankiya ya koma ya nemo shaidar tun da wuri, don sunan mai POS ne ya fita, ba nasa ba. A kai kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya a dawo da shi.

In wa'adi ya cika, akwai hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa. Dokar ta hana sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya, don haka rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan rasit ba zai halasta wa ejan cin abin da jami'a ta mayar ba. Akwai kuma kotu. Mutanenmu sun fi son garzayawa ofishin 'yan sanda, amma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai. Sai in jami'a ta tabbatar ba a taɓa biyanta ba, ko takardar gurbin ta jabu ce. Wannan damfara ce, kuma da amsar jami'ar a hannu ake zuwa wurin 'yan sanda ko EFCC.