Lokacin da Ciwo Ya Fara Shi Ke Tona Asirin Abincin

Idan amai ya kama mutum, yakan zargi abincin da ya ci na ƙarshe, alhali sau da yawa ba shi ba ne. Ƙwayar Staphylococcus, wadda ke zuwa daga hannun mai girki zuwa madara ko dafaffen nama, gubarta kan tayar da amai cikin minti 30 zuwa awa 8. Salmonella ta ƙwai da kazar da ba ta dahu ba kuwa takan ɗauki awa 6 har kwana 6.

Wadda aka fi rainawa ita ce Bacillus cereus ta shinkafa. Ƙwayoyinta ba sa mutuwa a tukunya. Idan shinkafar biki ta wuni a kula tana ɗumi-ɗumi, sai su farfaɗo su zuba guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Ga shi ba wari, ba yauƙi, amma kafin awa 6 amai ya fara.

Don haka dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, awa 1 in ana tsananin zafi. A raba shi a ƙananan kwanuka, a sa a firji ƙasa da digiri 5. In babu wuta, a dafa daidai ci.