Baƙin layi a gefen bidiyo: a bar shi, a yanke, ko a cika allo?

Duk wanda ya ɗauko tsohon faifan bikin gidansu, ko wani fim ɗin Hausa na zamanin Sangaya da Wasila, ya kunna a faffaɗar talabijin ta yanzu, zai ga hoton ya tsaya a tsakiya, dama baƙi, hagu baƙi. Nan take wani zai ce faifan ya lalace, wani ya ce talabijin ɗin ce. Babu wanda ya lalace a cikinsu. Siffar hoton ce ta bambanta da siffar allon.

Kowane bidiyo yana da ma'aunin faɗi da tsayi. Tsofaffin talabijin masu ƙeya, da kaset, da faifan VCD da aka sayar da finafinan Kano a kansa, duka suna kan 4:3, wato in faɗi ya kai taku huɗu, tsayi taku uku ne. Talabijin ta bango da YouTube suna kan 16:9. Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye, irin na TikTok da sitatus ɗin WhatsApp, shi ne 9:16. Kamar tabarma ce da aka saƙa don wani ɗaki aka kai ta wani: ko ta bar fili a gefe, ko a datse bakinta, ko a ja ta da ƙarfi har saƙar ta karkace. Manhajojin gyaran bidiyo ma zaɓin da suke bayarwa ke nan.

Mu ɗauki bidiyon bikin nan mai 4:3, ana so a sa shi a allo mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye. In aka zaɓi Fit, manhaja za ta ƙara girman hoton har ya taɓa sama da ƙasa, sai ta tsaya. Faɗinsa zai zama 1440, ragowar 480 kuma a raba biyu, 240 a kowane gefe. Wannan ragowar ita ce baƙin layin. Ba a rasa komai ba: ɗankwalin amarya yana nan, lallen ƙafarta yana nan.

In aka zaɓi Fill, hoton zai ci gaba da girma har ya taɓa dama da hagu. A lokacin tsayinsa ya kai 1440, alhali allon 1080 kawai yake ɗauka. Abin da ya yi saura, kashi ɗaya cikin huɗu na hoton, ya tafi, rabi daga sama rabi daga ƙasa. A saman nan ne hula da rawani da ɗaurin kallabi suke, a ƙasan kuma fassarar Turanci da ake rubutawa a finafinai take. Ga wata asarar kuma: faifan VCD ɗigo 352 da 288 kacal gare shi, don haka duk ƙarin zuƙowa ƙarin dishi-dishi ne.

Crop kuma yanka ne da hannunka. Fill yana yanka daidai-wa-daida daga tsakiya, bai san inda fuska take ba. Da Crop kai ne za ka ja akwatin zuwa sama, ka sadaukar da ƙasan da babu komai sai kujeru da takalma, ka tsirar da kawunan mutane. Idan dole sai an cika allo, wannan ya fi, sai dai yana cin lokaci, domin inda ya dace a yanka a wajen ɗaurin aure ba nan ne ya dace a wajen kamu ba.

Akwai na huɗu, Stretch, wanda a ganina bai kamata ma a lissafa shi cikin zaɓi ba, amma shi ya fi yawa a gidaje da shagunan aski. Yana jan hoton ta gefe har ya cika, kowa ya ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku, siriri ya koma mai ƙiba. Ido yana sabawa, har mutum ya daina lura. Hanyar ganewa ita ce a nemi abu mai da'ira a cikin hoton, tayar mota ko faranti ko agogon bango. In ya koma kamar ƙwai, an ja hoton. A yi hattara kuma, wasu manhajojin wannan jan suke kira Fill, saboda haka kada a dogara da sunan, a duba tayar.

Kafin a taɓa komai, sai a fara gano daga ina baƙin ya fito, domin iri biyu ne. Wani allon ne yake ƙara shi lokacin kallo, wani kuma an riga an manne shi a cikin fayil ɗin. Na farko ba ya buƙatar gyaran bidiyo. A talabijin, a shiga Aspect Ratio ko Picture Size a zaɓi 4:3 ko Original. A kwamfuta, cikin VLC, danna harafin A yana sauya ma'auni, C kuma yana yanka, kuma duka biyun ba sa canja fayil ɗin.

Na biyu shi ne mai ciwon kai. Mai gyara ya buɗe aiki a 16:9, ya jefa bidiyon da aka ɗauka a tsaye, ya fitar da shi haka. Baƙin ya zama ɓangaren hoton. Sai wani ya ɗora shi a sitatus, wayar ta ga bidiyo a kwance, ta ƙara nata baƙin sama da ƙasa. Sakamakon shi ne ɗan mitsitsin hoto a tsakiya, baƙi ya kewaye shi ta ko'ina. Duk inda ka ga baƙi ta gefe huɗu, to an manne shi a ciki. Maganinsa a koma ga asalin bidiyon, a CapCut ko makamanciyarta a saita Ratio tun kafin a fara aiki. In asalin ya ɓata, sai a yanke baƙin da Crop. Manhajar HandBrake tana gano shi ta yanke da kanta.

Inda yanka ya fi ɓarna shi ne mayar da bidiyon kwance zuwa na tsaye. Daga faɗin 1920, kusan 608 kawai ke tsira, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. In malami ne shi kaɗai yana karatu a tsakiya, babu laifi. In hira ce ta mutum biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, Fill zai nuna maka bangon da ke tsakaninsu. A nan sai Fit, a yi amfani da filin sama da ƙasa wajen rubuta take, ko a cika shi da hoton da aka dusashe, dabarar da gidajen talabijin suke yi wa bidiyon waya.

Finafinan sinima kuwa, na Indiya da na Amurka, da yawansu faɗinsu ya kai 2.39:1, don haka ko a sabuwar talabijin sai sun bar baƙi sama da ƙasa. Haka aka ɗauke su, a ƙyale su.

Game da tsohon faifan biki, shawarata ita ce a juye shi yadda yake, a 4:3, ba yanka ba ƙarin baƙi, a adana wannan a matsayin uwa. YouTube yana karɓar 4:3 ya daidaita da kansa. Duk wanda yake son na sitatus, ya yanka daga kwafi, kada ya taɓa uwar.