Idan 'Yan Ƙodago Ba Su Fara Tare Ba

A cikin tambayoyin lissafin lokaci da aiki, wadda ta fi kayar da ɗalibai ita ce wadda ma'aikata ke shiga suna fita. Masu gona ma suna cin karo da ita ranar sallamar 'yan ƙodago.

A ce ga gona za a yi wa huɗa. Audu shi kaɗai zai gama ta a kwana 10, Bala a kwana 15, Garba kuwa sai ya yi kwana 30. Audu da Bala suka fara. Bayan kwana 2 Garba ya shigo, sannan ana saura kwana 2 a gama Bala ya tafi. Kwana nawa aikin ya ci?

Kada ka haɗa kwanakin nan, domin kwana ba ya taruwa a nan, aikin da kowa ke yi a yini shi ke taruwa. Nemi ƙaramar lambar da 10 da 15 da 30 duk za su raba ba saura, wato 30, ka yanka gonar kashi 30 a ranka. Ka ga ke nan Audu na cinye kashi 3 kullum, Bala 2, Garba 1.

Sai ka datsa lokacin duk inda wani ya shigo ko ya fita. A kwana 2 na farko, Audu da Bala na yin kashi 5 kullum, sun ci 10, saura 20.

A nan ake zamewa. Mai gaggawa zai raba 20 da 6, ya manta Bala bai kai ƙarshe ba. Ba mu san ranar da ya tafi ba, amma mun san waɗanda suka rage. Saboda haka a faro daga ƙarshe: Audu da Garba, kashi 4 kullum, kwana 2, kashi 8 ke nan. Cire 8 daga 20, saura 12, kuma shi ne abin da su ukun suka yi tare. Tunda suna cin 6 kullum, kwana 2 ya ishe su. Jimla kwana 6.

Kafin ka yarda da amsar, ƙirga na kowa: Audu 18, Bala 8, Garba 4. Sun cika 30. In ba su cika ba, akwai inda ka bar wani yana aiki bayan ya tafi.

Lissafin yana ɗauka cewa hannun kowa bai sauyawa daga safe zuwa yamma, abin da duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san ba haka yake ba. Amma wajen rabon kuɗi yana kashe gardama. In jingar naira 60,000 ce, kowane kashi ya tashi 2,000: Audu 36,000, Bala 16,000, Garba 8,000. Bala da Garba kowanne kwana 4 ya yi, amma wanda ya biya su daidai ya zalunci Bala.