Saƙon Waya, Imel ko Takarda: Ina Maganar Za Ta Kwana?

Mu ɗauki wani mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Ranar Litinin da asuba aka kira shi daga Gusau cewa jikin mahaifiyarsa ya tsananta. Kafin ya shiga mota ya tura wa maigidansa saƙo ta WhatsApp: "Ranka ya daɗe, barka da asuba. Jikin Hajiya ya tashi, na kama hanyar Gusau. Makullin sito yana hannun mataimakina." Maigida ya amsa: "Allah ya ba ta lafiya, ka je." Har zuwa nan bai yi kuskure ba. Magana ce ta gaggawa, mutum ɗaya take nema, kuma ana son amsarta nan take. Irin wannan aikin saƙon waya ya fi kowa iya shi, kamar sanar da cewa za a makara, ko tambayar ko motar kaya ta iso, ko tuna wa abokan aiki lokacin taro.

Matsalar ta fara ne da kwana biyun da ya yi niyya suka zama takwas. Ya dawo, wata ya ƙare, ya ga an zabtare masa albashin mako guda, ga kuma takardar tuhuma tana jiransa kan barin aiki ba izini. Maigidan da ya ce "ka je" an mayar da shi reshen Kaduna. Ofishin kula da ma'aikata kuwa fayil yake dubawa, kuma babu komai a fayil. Izinin yana cikin wayar mutum biyu kawai, sannan bai faɗi kwana nawa ba, bai kuma ce hutu ne da albashi ko babu ba.

Shi ya sa kafin in tura kowane saƙon aiki nake tambayar kaina: bayan wata shida, wa zai nemi wannan maganar, kuma a ina zai same ta? In babu mai nema, waya ta isa. In ni da abokan aiki ne za mu koma mata, imel. In kuwa wanda bai san mu ba ne zai yanke hukunci da ita, kamar akanta ko mai binciken kuɗi ko alƙali, to sai takarda mai sa hannu.

Raunin saƙon waya a gininsa yake. A WhatsApp mai saƙo yana iya gyara abin da ya rubuta cikin minti 15, yana iya janye shi da Delete for everyone cikin kamar kwana biyu, kuma ana iya saita hira ta riƙa goge kanta bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Ga satar waya da canjin layi. Saƙon murya, wanda mu Hausawa muka fi so saboda yana ɗaukar gaisuwa da ladabi yadda rubutu ba ya ɗauka, shi ya fi wuyar nema daga baya, don ba ka iya laluben kalma a cikinsa. Gaskiya ne Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura a kotu, amma da sharuɗɗa, har da takardar shaida kan na'urar da ta fitar da su. Mai neman a mayar masa da albashin mako guda bai kamata ya kai kansa can ba.

Abin da ya kamata mutumin namu ya yi shi ne, da ya isa Gusau ya ga zaman zai yi tsawo, ya zauna minti biyar ya tura imel. A layin Subject ya rubuta maganar gaba ɗaya: "Neman hutun gaggawa, Litinin 3 zuwa Litinin 10 ga wata". Sunan maigida a To, don shi ake so ya yanke shawara. Ofishin ma'aikata a CC, don su sani kawai ake so su yi. A ciki, bayan gaisuwa ta layi ɗaya, ya ambaci izinin da aka ba shi ta waya da safe, ya faɗi ranar dawowa, da wanda ya riƙe makulli, da kayan da ake jiran saukewa ranar Laraba, ya rufe da roƙon a tabbatar masa a rubuce. Wannan imel ɗin ya mayar da maganar baki zuwa abin da ke da kwanan wata, kuma ya fitar da ita daga hannun mutum ɗaya.

Wasu suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar rashin yarda ne ga babba. Ina fahimtar wannan kunyar, amma ban yarda da ita ba. Maigidan ma kariya ce gare shi, don in aka tambaye shi dalilin da sito ya kwana takwas ba mai shi, yana da abin nunawa. Inda rashin ladabi yake shigowa shi ne a saka shugaban maigidanka a CC kan ƙaramar magana, wanda kowa zai karanta a matsayin kai ƙara, ko a danna Reply all a baza wa mutum talatin zancen rashin lafiyar iyali.

Takardar tuhumar kuwa ba a amsa ta da waya, ba a amsa ta da imel kaɗai. Abin da ya zo a takarda, a takarda yake komawa, cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta. Ya sa kwanan wata, ya kawo lambar takardar da aka ba shi, ya jera abin da ya faru da ranakunsa ba tare da zafin rai ba, ya haɗa takardar asibiti da hoton saƙon maigida, ya sa hannu. A aikin gwamnati irin wannan takarda takan bi ta hannun shugaban sashe kafin ta kai ga wanda aka rubuta wa, kuma tsallake shi laifi ne na daban.

Haka ajiye aiki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tsara wa'adin sanarwa bisa daɗewa a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar. Ta kuma ce sanarwar da ta kai mako ɗaya dole ta kasance a rubuce. Dokar ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, su takardar ɗaukar aikinsu za su duba, kuma ita ma sau da yawa takan faɗi yadda za a miƙa sanarwar.

Akwai mataki na ƙarshe da mutane suka fi mantawa. Takarda kwafi biyu ake bugawa. Mutumin namu zai miƙa ɗaya a rajista ko wurin sakatare, ya tsaya a buga wa ɗayar hatimin karɓa, a sa kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ya tafi da ita gida maimakon ya bar ta a durowar ofis. In ofishin yana nesa, ya ɗauki hoton takardar mai sa hannu, ya mayar da ita PDF, ya tura ta imel a ranar, asalin ya biyo baya ta hannun kamfanin aika saƙo, ya adana rasit. Sannan ne zai ɗauki waya ya rubuta wa sabon shugabansa layi ɗaya: "Ranka ya daɗe, na miƙa amsar a rajista ƙarfe goma, an karɓa."