Takarda tana nan, amma an kasa gano ta

A ce ƙungiyar manoma ce mai sakatare da ma'aji da mai kula da sito, kowa yana ɗaukar hoton takardu yana zubawa a kwamfuta ɗaya. Sakatare ya yi wa rasit ɗin sayen taki laƙabi da "taki", ma'aji ya rubuta "takin zamani", mai sito kuwa "NPK" ya sa, don abin da ya gani a jikin buhu ke nan. Ranar da mai binciken kuɗi ya zo aka nemi "takin zamani", takardun ma'aji kaɗai za su fito. Abin da ya fi damuna shi ne kwamfuta ba za ta ce akwai saura ba, sai a ɗauka iyakarsu ke nan.

Maganin shi ne ƙayyadadden jerin kalmomi da kowa zai riƙa zaɓa daga ciki. Kowane batu a tsayar masa da kalma ɗaya. Sauran sunayensa a jera su da nuni: wanda ya duba "NPK" ko "yuriya" ya tarar an ce masa ya yi amfani da "takin zamani". A gaban kalmar kuma a rubuta iyakarta cikin jimla guda, misali cewa takin gargajiya ba ya ciki, yana da nasa laƙabin. Wannan 'yar jimlar ce ke hana gardama idan an sami sabon ma'aikaci. Haka manyan hukumomi ke yi: Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da irin wannan kundi, AGROVOC, tun farkon shekarun 1980. Ƙaramar ƙungiya dai kalmomi talatin zuwa hamsin sun ishe ta farawa, kuma daga takardunta za ta tsamo su.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin tarko. A wurin kwamfuta ɗ daban, d daban, don haka neman "kudi" ba lallai ya fito da "kuɗi" ba. Sai a zaɓi rubutu ɗaya, ɗayan ya shiga cikin masu nuni.

Kada a cusa komai cikin laƙabi ɗaya. Nau'in takarda, wato rasit ko wasiƙa ko rahoton taro, ya sami gurbinsa, batu nasa, kwanan wata kuma a fara da shekara, kamar 2023-06-14, don takardu su jeru da kansu.

Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe ikon ƙara kalma. Duk wata uku ya fitar da laƙabobin ya ƙirga takardun kowanne. Laƙabi mai takarda ɗaya tak galibi kuskuren rubutu ne ko tagwayen wani, sai a haɗe su. Wanda ya haɗiye rabin takardun, irin su "harkokin ƙungiya", ya yi faɗi, sai a raba shi. Idan an sauya kalma, a koma a gyara tsofaffin takardun a ranar, in ba haka ba neman sabuwar kalmar ba zai fito da su ba.