Tarihin Darakta: Inda Kirari Ke Tsayawa, Hujja Ta Karɓa

Kusan kowane kamfani mai ɗan girma yana da ɗan taƙaitaccen tarihi na kowane daraktansa, sakin layi ɗaya ko biyu a ƙarƙashin hotonsa. Wannan rubutu shi ake sakawa a rahoton shekara, shi ake haɗawa da takardun neman rance ko neman kwangila, shi kuma mai gabatarwa ke karantawa a wajen taro kafin a miƙa wa darakta lasifika. Masu karanta shi da idon basira ba su da yawa, amma su ne masu muhimmanci: jami'in banki, mai son zuba jari, ɗan jarida, da wanda ake zawarcinsa ya zo aiki. Dukansu abu biyu suke nema. Suna so su san inda mutumin nan ya fito, da kuma abin da ke hannunsa a kamfanin yanzu.

Sau da yawa ba su samu. Abin da suke tararwa shi ne jerin kalmomin yabo: gogagge, haziƙi, mai hangen nesa, jajirtacce, wanda ya yi fice a ciki da wajen ƙasa. Kirari yana da gurbinsa a wajen biki da naɗin sarauta, kuma mai sauraro ya san ba a auna shi da sikeli. Tarihin darakta kuwa takarda ce da wani zai dogara da ita ya fitar da kuɗinsa. Idan aka cika ta da zuga, mai karatu ya tashi hannu rabbana, wani lokaci ma ya tashi da zargin cewa an ɓoye wani abu.

Masana shari'ar Ingila sun daɗe da bambanta zuga da magana mai nauyi. A shahararriyar ƙarar nan ta kamfanin Carbolic Smoke Ball, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1892, kamfanin ya yi tallar cewa zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa yadda aka tsara amma ya kamu da mura mai tsanani. Da wata mata ta kamu ta nemi kuɗinta, sai kamfanin ya ce ai zugar talla ce kawai. Kotu ba ta yarda ba, domin tallar ta ambaci cewa an ajiye fam 1,000 a banki don nuna da gaske ake. Abin lura a nan shi ne yadda lauyoyin kamfanin suka kare kansu: zuga magana ce da ba a tsammanin mai hankali zai ɗauka da gaske. Wanda ya cika tarihin daraktansa da irinta ya zaɓi kalmomin da tun asali ba su ɗauke da komai.

Ma'aunin gyara guda ɗaya ne, kuma ana ɗora shi a kan kowace jimla: shin baƙon da bai san daraktan ba zai iya bin diddigin wannan magana ya tabbatar da ita? Idan akwai takardar shaida, ko rajista, ko rahoton da masu binciken kuɗi suka sa wa hannu, ko ofishin da za a iya tambaya, jimlar ta tsira. Idan babu, a nemi gaskiyar da ke ƙarƙashinta, ko a goge.

A ɗauki misalin wani kamfanin sarrafa shinkafa, wanda aka rubuta wa daraktan kuɗinsa cewa: "Alhaji wane gogaggen masanin harkar kuɗi ne mai hangen nesa, wanda ya shafe kusan shekaru talatin yana jagorantar manyan cibiyoyi. Ya yi karatu a fitattun jami'o'in duniya, kuma shi ne ya ɗaga kamfanin nan zuwa matsayin da yake a yau." Jimla biyu ce, kuma babu ko ɗaya da za a iya tabbatarwa.

Mai gyara yakan fara da neman takardu, ba da neman sababbin kalmomi ba. A ce da aka buɗe fayil ɗin Alhaji, an ga ya kammala digiri a fannin akanta a Jami'ar Bayero ta Kano a 1999, ya shiga aikin banki a 2001, ya bari a 2010 yana manajan reshe, ya zo kamfanin shinkafar a matsayin manajan kuɗi, aka naɗa shi darakta a 2016. Nan take "kusan shekaru talatin" ta faɗi, domin daga 2001 zuwa 2024 shekara 23 ce. "Manyan cibiyoyi" ta zama reshen banki ɗaya. "Fitattun jami'o'in duniya" ta zama kwas na mako biyu da ya halarta a wata makarantar kasuwanci a ƙasar waje. Sabon rubutun zai ce ya yi digiri a wuri kaza a shekara kaza, ya yi aikin banki daga 2001 zuwa 2010, ya riƙe reshe, ya shigo kamfanin a 2010, ya zama daraktan kuɗi a 2016, kuma shi ke kula da kasafin kuɗi, hulɗa da bankuna, da biyan manoman da ke kawo shanshara. A wannan siffa Alhaji bai ragu ba. Jami'in banki da ya karanta ya san yana magana ne da wanda ya taɓa zama a kujerarsa, abin da "gogagge" ba ta taɓa gaya masa ba. Shekaru kuma sun fi ƙidaya amfani: "tun 2016" ba ta tsufa, amma "shekara takwas" tana zama kuskure da zarar shekara ta juya.

Jimla ta ƙarshe, wadda ta ce shi ya ɗaga kamfanin, ita ce mafi wuyar gyara, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Kamfani ya bunƙasa, kuma yana nan aka yi. Sai dai bunƙasar aikin mutane da yawa ce, kuma akwai abubuwan waje da suka taimaka, kamar rufe iyakokin ƙasa da Nijeriya ta yi a 2019, wanda ya buɗe wa shinkafar gida kasuwa. Abin da ya dace shi ne a faɗi aikin da hannunsa ya taɓa: shi ya jagoranci tattaunawar rancen da aka sayi injin casa na biyu da shi, a shekara kaza. Idan za a kawo adadi, a ɗauko shi daga asusun da aka bincika. A nan ma akwai tarko. Cewa ciniki ya ninka a naira ba lallai ya nuna ci gaba ba, domin faɗuwar darajar naira kaɗai tana iya ninka adadin. Tan nawa ake cashewa a rana, ko ma'aikata nawa ne, sun fi faɗin gaskiya.

Wajen ilimi ne aka fi zamewa, kuma nan ne zuga ke rikiɗewa ta koma ƙarya. Halartar kwas daban ne da samun digiri. Digirin girmamawa daban ne da wanda aka yi bincike aka kare, don haka idan za a ambace shi a faɗi cewa na girmamawa ne, da jami'ar da ta ba da shi, da shekarar. Zama mamba a ƙungiyar ƙwararru irin su ICAN ta akantoci, ko rajista da COREN ta injiniyoyi, abu ne mai rajista da lamba, wanda ake iya tambaya, don haka kada a rubuta sai an ga takardar kuma an tabbatar ba ta faɗi ba.

Abin da ya faru a kamfanin Yahoo na Amurka a 2012 ya nuna yadda kalma ƙalilan ke tafiya. Tarihin shugaban kamfanin, Scott Thompson, ya ce yana da digiri a fannin akanta da kimiyyar kwamfuta daga Kwalejin Stonehill. Digirin akanta gaskiya ne, na kwamfuta babu shi. Bayanin ya daɗe yana bin sa tun yana kamfanin PayPal, ana kwafa daga takarda zuwa takarda, har ya shiga bayanan da Yahoo ya miƙa wa hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka. Wani mai hannun jari, Daniel Loeb na kamfanin Third Point, ya bincika ya fallasa a watan Mayu. Kafin watan ya ƙare Thompson ya bar kujerar da ya hau a watan Janairu. Abin takaici shi ne mutumin ya riga ya shugabanci PayPal, tarihinsa na gaskiya ya ishe shi.

Muƙami ma yana buƙatar a faɗe shi daidai. Kalmar darakta tana ɗaukar mutane iri-iri. Akwai manajan darakta, mai tafiyar da kamfani kullum. Akwai darakta mai zartarwa, wanda ma'aikaci ne mai sashe a hannunsa. Akwai wanda ba ya cikin gudanarwa, yana zuwa zaman hukumar daraktoci ne kawai ya sa ido ya ba da shawara, a cikin irin waɗannan kuma akwai mai zaman kansa, wanda ba shi da alaƙar da za ta karkatar da ra'ayinsa. Sannan akwai manyan ma'aikata da ake kira "daraktan tallace-tallace" alhali ba su cikin hukumar kwata-kwata. Mai karatu yana da haƙƙin sanin wanne ne, domin nauyin da doka ta ɗora musu ba ɗaya ba ne. A Nijeriya sunayen daraktoci na rajiste a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, kuma abin da tarihi ya faɗa dole ya yi daidai da abin da ke can. Haka kujerun da mutum ke riƙe da su a wasu kamfanoni: a lissafa na yanzu daban, na da daban. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum ɗaya zama darakta a kamfanonin hannun jarin jama'a fiye da biyar a lokaci guda, saboda haka doguwar jeren kujerun da aka bari tuntuni, idan aka rubuta kamar ana kansu, tana iya jawo tambayar da ba a so.

Wahalar aikin ba ta rubutu ba ce, ta mutane ce. Yawanci ƙaramin ma'aikaci ne ke rubuta tarihin maigidansa, kuma ba ya jin zai iya cewa "Ranka ya daɗe, ina takardar?" Shi ya sa aikin ya fi dacewa da sakataren kamfani, wanda dama shi ke riƙe da rajistar daraktoci, kuma a yi wa kowa tsari ɗaya: fom guda, tambayoyi iri ɗaya, tsawo ɗaya, daga shugaban hukuma har sabon shiga. Idan kowa aka tambaya, babu wanda zai ji an raina shi. Kowace magana a ajiye kwafin hujjarta a fayil. Idan an gama, darakta ya karanta ya sa hannu da kwanan wata, domin kada gobe a ce ba a san wanda ya rubuta ba. Wannan kwafi mai sa hannu shi kaɗai ake ba mai buga rahoton shekara da mai shirya taro, kuma ana sake duba shi sau ɗaya a shekara kafin babban taron masu hannun jari, ko duk ranar da darakta ya karɓi sabuwar kujera ko ya sauka daga wata.