Satar Fasaha Tana Farawa Daga Littafin Rubutun Ɗalibi

Mu ma'aikatan laburare mun san cewa ba duk ɗalibin da aka kama da satar fasaha ba ne ya zauna da niyyar sata. Sau da yawa ɓarnar takan faru ne tun ranar da yake karatu yana kwashe bayanai. Ya kwafi jimlar marubuci a littafinsa, ya ɗora nasa tunanin a ƙarƙashinta, bai sa wata alama ba. Bayan mako uku, da ya zo rubuta aikin da lakcara ya ba shi, sai ya kasa rarrabe nasa da na mutane, ya zuba duka a matsayin nasa.

Wannan tarko ya kama manya ma. A shekarar 2002 aka bankaɗo cewa littafin da fitacciyar masaniyar tarihi ta Amurka Doris Kearns Goodwin ta wallafa a 1987 kan zuriyar Fitzgerald da Kennedy yana ɗauke da jimlolin wasu marubuta ba tare da alamar zance ba. Ta ce bayanan da ta rubuta da hannu ne suka cakuɗe mata. Uzurin bai wanke ta ba, ta kuma sauka daga kwamitin lambar yabo ta Pulitzer. Kai ma kwamitin ladabtarwa abin da ke kan takardarka zai fara dubawa.

Saboda haka, kafin ka ɗauki ko kalma ɗaya daga littafi, rubuta sunan marubuci, shekarar bugu, sunan littafin da maɗaba'a a saman shafinka. In maƙala ce, ƙara sunan mujalla da lambar fitowarta. Kowane bayani kuma ya tafi da lambar shafinsa. Mai ɗaukar hoto da waya ya fara da bangon littafi da shafin da ke nuna shekarar bugu, don hoton shafi shi kaɗai ba zai gaya maka inda ya fito ba.

Sannan ka yi wa kowane bayani ɗaya daga alamomi uku a gefe. K na nufin kwafi ne, kalma da kalma, cikin alamar zance. T na nufin ra'ayin marubuci ne ka taƙaita da bakinka. N na nufin naka ne: tambaya, suka ko wata alaƙa da ka hango.

Mu ɗauki misali. An ba ka aiki kan cinikin gyaɗa a Kano, ka samo littafin Jan Hogendorn na 1978 kan asalin fitar da gyaɗa daga Nijeriya. Cewa layin dogo ya iso Kano a 1911 sananne ne, za ka tarar da shi a littattafan tarihi da dama. Amma bayanin cewa Turawa auduga suka sa rai, sai 'yan kasuwa da manoman Hausawa suka auna riba suka rungumi gyaɗa, wannan hujja ce da Hogendorn ya yi wahalar kafawa. Karanta sashen sau biyu, rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta kamar kana yi wa abokinka bayani. Sai ka buɗe ka gwada. In ka ga kalmomi huɗu ko biyar a jere sun zo daidai da nasa, ko dai ka sake rubutawa ko ka sa su cikin alamar zance. Alamar wannan bayani T ce, kuma a aikinka dole (Hogendorn, 1978) ya biyo bayansa, domin kalmomin ne naka, ra'ayin nasa ne. In kuma ka tambayi kanka ko haka abin ya kasance a Katsina, wannan N ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin littafi a buɗe ana musanya kalmomi ɗaya-ɗaya, alhali ƙashin jimlar na mai ita ne. Lakcara yakan gane da zarar ya ga salon ɗalibi ya sauya a tsakiyar sakin layi. Haka nan fassara daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa ba ta mayar da magana taka. Manhaja irin Turnitin kamannin kalmomi take nunawa, don haka samun ƙaramin kaso a cikinta ba shaida ba ce cewa ka ba kowa haƙƙinsa.

Ya kai sabon ɗalibi, duk bayanin da ka tarar a littafinka ba alama ba lambar shafi, kada ka saka shi a aikinka sai ka koma ka gano tushensa. In ka rasa littafin, zo teburin tambaya na laburare da abin da ka tuna, mu taya ka nema kafin ranar miƙa aiki.